Gida Ɗaya Ne Naka: Wasiƙar Ma'aji Kan Shigar da Zubin Wata a Jadawalin Ƙungiya

A ƙungiyoyin gama-kai na malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa, an saba littafin zubi yana hannun mutum ɗaya. Ma'aji ne ke karɓar kuɗi, ya rubuta, ya ba da rasit, kamar dai yadda uwar adashi ke riƙe da littafinta. Yanzu kuwa kuɗin ba ya ratsa hannun ma'aji. Kowa daga wayarsa yake turawa asusun ƙungiya a banki, sannan ya jefo hoton rasit a zauren WhatsApp, inda hoton ke nutsewa cikin gaishe-gaishe da sanarwar ɗaurin aure. Wannan ya sa ƙungiyoyi da yawa suka koma ga jadawalin lissafi na intanet, galibi Google Sheets, wanda kowane mamba zai buɗe ya rubuta abin da ya zuba da hannunsa.

Dabarar tana rage wa ma'aji wahala, tana kuma ba kowa damar ganin lissafi a fili. Amma littafin da a da alƙalami ɗaya ke taɓawa, yanzu hannu arba'in ne a kansa, kuma duk abin da ɗaya ya canza nan take ya canzu wa kowa. Shi ya sa ma'aji mai hangen nesa ba ya raba jadawalin sai ya haɗa shi da wasiƙa. Bari mu duba irin wannan wasiƙa, da dalilin da ke bayan kowane umarni da ke cikinta.

Yadda jadawalin yake

Mu ɗauki misalin ƙungiya mai mambobi 40, wadda mafi ƙarancin zubinta naira 5,000 ne a wata, wanda ya ga dama ya ninka. Jadawalinta yana da layukan kwance masu lamba a gefen hagu, 1, 2, 3, har ƙasa, da layukan tsaye masu harafi a sama, A, B, C. Inda layin kwance ya haɗu da na tsaye, nan ne gida, kuma kowane gida yana da suna: harafinsa da lambarsa.

Layin kwance na 1 na kanun bayani ne. Layin tsaye na A yana ɗauke da lambar mamba, B sunansa, C zuwa N watanni goma sha biyu daga Janairu zuwa Disamba, O kuma jimillar abin da mutum ya tara. Mambobi suna daga layi na 2 zuwa na 41, layi na 42 kuma jimillar kowane wata. Tun daga nan akwai tarko: tunda kanun bayani sun cinye layi na 1, mamba mai lamba 17 yana layi na 18 ne, ba na 17 ba. Zubinsa na watan Maris yana gidan E18.

Gidajen jimilla ba lamba aka rubuta a cikinsu ba, fomula ce mai tara abin da ke wasu gidaje. Ta farko a nan ita ke cikin O18, ta biyu kuma a E42:

```
=SUM(C18:N18)
=SUM(E2:E41)
```

Abin da ya kamata kowane mamba ya fahimta shi ne, jadawalin bai san cewa naira 5,000 ɗin da ke E18 ta wane ce ba. Abin da ya haɗa kuɗin da mai shi kawai shi ne suna layi ɗaya da sunansa. Da zarar an gusar da gidan sama ko ƙasa, kuɗin ya zama na wani, kuma babu wata alama da za ta fito ta yi gargaɗi.

Wasiƙar

Ga samfurin da ma'ajin irin wannan ƙungiya zai iya aikawa, ya gyara shi daidai da tsarin jadawalinsa:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena mambobi. Ina fata kowa yana lafiya, da iyali.

Kamar yadda aka amince a taro, daga wannan wata kowa zai riƙa shigar da zubinsa da kansa. Ina roƙon a bi waɗannan matakai yadda suke.

Da farko, kada a rubuta komai sai kuɗi ya fita, rasit yana hannu. Jadawali ba wurin alkawari ba ne.

Na biyu, a nemi suna, kada a bi lambar da ke gefen hagu. In layukan sun yi yawa, a taɓa ɗigo uku da ke saman waya, a zaɓi `Find and replace`, a rubuta suna a gurbin nema kawai, a bar ɗaya gurbin yadda yake. Masu suna iri ɗaya su tabbatar da lambarsu ta mamba a layin A.

Na uku, a bi layin sunan zuwa dama har ƙarƙashin watan da muke ciki, a taɓa gidan. Dole ya kasance babu komai a ciki. In an tarar da lamba a ciki, to ko dai ba gidanka ba ne, ko wani ya yi kuskure. A tsaya, a kira ni.

Na huɗu, a rubuta lamba zalla: 5000 ko 10000. Ban da harafin N, ban da k, ban da ɗigo, ban da kalmar “na biya”. Sai a danna alamar amincewa, a duba ƙarshen layin a ga jimilla ta ƙaru da daidai abin da aka rubuta.

Na biyar, mai biyan bashin watan baya ya haɗa duka kuɗin ya rubuta a watan da ya tura su, ya yi bayani da `Comment` a kan gidan. Kada a cusa bayani cikin gidan lamba.

Abubuwan da nake roƙon a bar mini su: `Sort`, `Filter`, `Cut`, `Insert row`, `Delete row` da `Delete cells`. Kada kuma a shigar wa wani, ko da ɗan ɗakinku ne. Wanda ba shi da babbar waya ya kawo mini rasit, ni zan shigar masa.

In hannu ya goce, a danna kibiyar `Undo` nan take kafin a taɓa wani abu. In ba ta gyaru ba, a bar shi haka a sanar da ni lokacin da abin ya faru. Babu tara, babu kunyatarwa. Kuskuren da aka faɗa da wuri gyaransa minti biyar ne.

Zan rufe layin Maris ranar 5 ga Afrilu da dare. Allah ya sa albarka a abin da muke tarawa.

Naku, Ma'aji.

Me ya sa lamba zalla

Umarni na huɗu shi aka fi karyawa, domin hannunmu ya saba da rubuta N10,000 ko 10k a saƙo. Jadawali yana rarrabe abu biyu: lamba da rubutu. Da zarar harafi ya shiga cikin gida, komai da ke ciki ya zama rubutu, ita kuwa fomular `SUM` tsallake rubutu take yi ba tare da ta ce uffan ba. Mamba yana ganin kuɗinsa a rubuce, hankalinsa kwance, alhali a jimilla babu su. Haka abin yake ga wanda ya danna harafin O a maimakon sifiri.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane wannan da ido. In ba a canza tsarin gidajen ba, lamba tana jingina da gefen dama na gida, rubutu kuma yana jingina da hagu. Duk gidan da ya karkata hagu a tsakanin 'yan'uwansa da ke dama, shi ne mai matsala.

Ɗigo da waƙafi kuma suna da nasu sha'ani. A jadawalin da aka saita bisa tsarin Ingilishi, 5.000 naira biyar ce, ba dubu biyar ba. A wanda aka saita bisa tsarin Faransanci, kamar yadda za a iya samu a Maraɗi ko Damagaram, waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, saboda haka 5,000 ce ke komawa biyar. Ƙungiyar da ke da mambobi a ɓangarori biyu na iyaka ta fi kowa buƙatar wannan doka. In an rubuta 5000 babu ɗigo babu waƙafi, ko'ina dubu biyar ce, kuma ma'aji yana iya saita gidajen su riƙa sa waƙafin da kansu don sauƙin karatu.

Wata guda, kuskure uku

Mu koma ga ƙungiyarmu a ƙarshen Maris. Mambobi 30 sun zuba naira 5,000 kowannensu, wato 150,000. Mambobi 8 sun zuba 10,000, wato 80,000. Biyu ba su samu biya ba. Takardar bayanin asusu daga banki ta nuna shigar kuɗi sau 38, jimilla naira 230,000. Wannan ita ce gaskiyar da za a auna jadawali da ita.

Ma'aji ya buɗe, ya ga E42 tana nuna 220,000. An rasa dubu goma. Kafin ya fara bin layi arba'in ɗaya bayan ɗaya, zai sa fomula biyu a wasu gidaje da babu komai:

```
=COUNTA(E2:E41)
=COUNT(E2:E41)
```

Ta farko tana ƙirga duk gidan da aka rubuta wani abu a ciki. Ta biyu tana ƙirga masu lamba kaɗai. In ta farko ta ba da 38, ta biyu ta ba da 37, magana ta ƙare: kowa ya shigar, amma mutum ɗaya ya haɗa da harafi. A nemo gidan da ya karkata hagu, a mayar da N10,000 ta zama 10000, jimilla ta koma 230,000.

In kuwa dukkansu sun ba da 37, labarin daban ne. Mai yiwuwa wani mai dubu goma ne bai shigar ba tukuna, wannan kira ɗaya ya isa. Amma yana iya zama mamba mai lamba 17 ne ya bi lambar gefen hagu, ya sauka a layi na 17, wanda na mamba mai lamba 16 ne. Shi wancan ya riga ya rubuta 10000, sai aka danne ta da 5000. Yanzu mai lamba 16 yana nuna rabin abin da ya biya, mai lamba 17 kuma yana nuna bai biya ba. Gidaje biyu da ya kamata su haɗa 15,000 sun koma 5,000, giɓin dubu goma ke nan daidai. A kwamfuta, ma'aji zai danna gidan E17 da maɓallin dama na linzami ya zaɓi `Show edit history`. Zai ga wanda ya canza gidan, da lokacin, da abin da ke ciki kafin a canza.

Wannan ne dalilin dokar cewa gida ya kasance babu komai kafin a rubuta. Shi ne kuma dalilin hana `Cut`. Wanda ya lura ya yi rubutu a layin maƙwabcinsa, abin da zai fara zuwa masa shi ne ya yanke lambar ya liƙa a nasa layin. In ya yi haka nasa ya gyaru, amma dubu goman maƙwabcin ba za ta dawo ba, gidan ma ya zama fanko gaba ɗaya. `Undo` ce ke dawo da abin da aka danne nan take, ita ma aikin hannunka kawai take warwarewa, kuma ta fi amfani kafin a rufe jadawalin.

Kuskure na uku ya fi waɗannan biyun haɗari, domin shi ba ya taɓa jimilla ko kaɗan. A ce wani mamba, da kyakkyawar niyya, yana so ya ga su wa suka rage ba su biya ba. Ya zaɓi gidajen Maris kaɗai, daga E2 zuwa E41, ya danna `Sort range` daga ƙarami zuwa babba. Lambobin Maris za su jeru: 5000 talatin a sama, 10000 takwas a bayansu, gidaje biyu na fanko a can ƙasa. Sunaye kuwa suna nan inda suke, ba su motsa ba. Kamar a ce wani ya tattara takalman masallata ya jera su bisa girma: ƙidaya ta cika, amma ba wanda zai tarar da nasa a inda ya tuɓe.

Yanzu jadawalin yana cewa mambobi masu lamba 39 da 40 ne ba su biya ba, ko da kuwa su suka fara biya. Mambobi 31 zuwa 38 duk sun zama masu dubu goma. Su biyun da ba su biya ba an rubuta musu dubu biyar-biyar. Ma'aji ya duba E42, ya ga 230,000 cif. `COUNT` da `COUNTA` duk sun ba da 38. Komai ya yi daidai da banki, kuma lissafin mutane da yawa ya lalace. Alamar da ke tona wannan ita ce tsari da ya wuce misali. Zubin mutane arba'in ba ya taɓa jeruwa da kansa daga ƙarami zuwa babba, don haka duk layin watan da ya yi irin wannan kyau abin tuhuma ne.

`Delete cells` tare da `Shift up` irin wannan ɓarna yake yi. Mutum ya yi niyyar share lambar da ke gida ɗaya, sai ya cire gidan kansa, duk gidajen da ke ƙasa suka hau da mataki ɗaya, kowa ya gaji zubin wanda ke ƙarƙashinsa. Shi kuwa `Filter` ba ya lalata lissafi, amma yana ɓoye layuka ga duk wanda ya buɗe jadawalin, sai wani ya nemi sunansa ya rasa, ya ɗauka an cire shi, ya ƙara wa kansa sabon layi. Mai son tace lissafi don idonsa kaɗai, akwai `Filter views` a kwamfuta, wanda ba ya canza abin da sauran ke gani.

Gyara ba tare da sabuwar ɓarna ba

Google Sheets yana ajiye tarihin canje-canje. A kwamfuta ana samunsa a `File`, sai `Version history`, sai `See version history`. Nan ma'aji zai ga jerin lokutan da aka taɓa jadawalin, ya buɗe wanda ya gabaci ɓarnar, ya ga yadda gidajen suke a lokacin. Shi ya sa wasiƙar ta nemi a faɗi lokacin da kuskure ya faru: wanda ya ce “jiya bayan sallar Isha'i” ya rage wa ma'aji binciken awa guda.

A saman wannan shafi akwai maɓallin `Restore this version`, kuma nan ne ma'aji ke buƙatar haƙuri. Maɓallin yana mayar da jadawalin gaba ɗaya yadda yake a wancan lokaci. In ɓarnar ta faru ranar Talata, aka gano ta ranar Juma'a, kuma mutum shida sun shigar da zubinsu a tsakani, danna shi zai kawar da shigarwar mutum shidan daga jadawalin da kowa ke gani. Hanyar da ta fi aminci ita ce ma'aji ya rufe wa kowa damar rubutu na ɗan lokaci, ya kwafo gidajen Maris daga tsohon tarihin ya mayar da su wurinsu, sannan ya sake shigar da na mutum shidan da hannunsa yana duban rasit ɗinsu.

Rabon ma'aji a aikin

Wasiƙa komai kyanta ba ta isa ba, domin yawancin kurakuran nan na yatsa ne a kan ƙaramar fuskar waya, ba na ganganci ba. Akwai abubuwa huɗu da ma'aji zai yi a kwamfuta kafin ya raba jadawalin.

Na farko shi ne kafe kanun bayani da sunaye. A `View`, sai `Freeze`, ya kafe layin kwance ɗaya da layukan tsaye biyu. Ta haka, ko mamba ya zarce har Nuwamba, sunansa yana nan a gefen hagu, sunan wata kuma yana sama. Wannan kaɗai yana rage sauka a layin wani ƙwarai.

Na biyu shi ne kulle komai ban da watan da ake ciki. A `Data`, sai `Protect sheets and ranges`, ya zaɓi kulle shafin duka, ya sa alama a `Except certain cells`, ya rubuta `E2:E41`, sannan a `Set permissions` ya taƙaita ikon gyara ga kansa. Sunaye da fomula da watannin baya duk sun tsira. In Maris ya rufe, sai ya mayar da buɗaɗɗen wurin `F2:F41` don Afrilu. Duk ɓarnar da za a yi ba za ta wuce wata ɗaya ba, watan da rasit ɗinsa ke kusa a wayar kowa. Wannan ne kuma ya sa mai biyan bashi yake rubuta kuɗinsa a watan da ya tura su: watan baya a kulle yake, kuma ta haka ne jimillar wata ke dacewa da takardar banki ta wannan tsakanin.

Na uku shi ne hana harafi shiga. A `Data`, sai `Data validation`, ya sa sharaɗin cewa gidajen watanni lamba kawai suke karɓa, wadda ba ta gaza 5000 ba, ya zaɓi `Reject the input`. Mai rubuta 10k ko 5.000 zai ga an ƙi karɓa tun a hannunsa. Sai dai wanda ya kwafo gida daga wani wuri ya liƙa yana iya tsallake wannan sharaɗi, don haka ƙidayar `COUNT` da `COUNTA` ba ta daina amfani ba.

Na huɗu shi ne yadda ake raba jadawalin. Hanya mafi sauƙi ita ce a saita shi a `Anyone with the link` da ikon `Editor`, a jefa a WhatsApp. Amma duk wanda saƙon ya faɗa hannunsa zai iya gyara, mamba ne ko ba mamba ba, kuma wanda ya shiga ba da asusunsa na Google ba, tarihin canje-canje ba zai nuna sunansa ba. Ya fi kyau a bar shi a `Restricted`, a ƙara kowane mamba da adireshinsa na imel. Wanda ke son gani kawai a ba shi `Viewer`. Kuma tunda duk mai shiga yana ganin komai, kada a sa lambar BVN ko NIN ko lambar asusun bankin kowa a ciki. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma ko ba don doka ba, waɗannan lambobi su 'yan damfara ke nema.

Ko da an yi duk wannan, buɗaɗɗen layin watan yana nan a buɗe ga kowa, mamba zai iya danne na maƙwabcinsa. Ana iya kulle wa kowane mutum layinsa shi kaɗai, amma wannan na nufin kulli arba'in da za a riƙa kula da su ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar da ta kai mutum ɗari, ko wadda kuskure ya ƙi ƙarewa a cikinta, gara ta koma ga Google Forms. Mamba ya cika fom da lambarsa da wata da adadin kuɗi, amsarsa ta sauka a sabon layi tare da rana da lokaci, shi kuma a ba shi damar kallon jadawalin kawai. Fom ba ya hana mutum rubuta adadin da ba daidai ba ko aikawa sau biyu, amma yana hana shi taɓa na wani.

Rufe wata

Ranar rufewa, ma'aji zai kulle layin watan, ya ɗauko takardar banki, ya bi ta suna bayan suna, ba jimilla kawai ba. Mun ga yadda jimilla ke iya cika alhali rabon mutane ya hargitse. Sunan da ke banki wani lokaci ba na mamba ba ne, domin wata mijinta ne ya tura mata, wani kuma ta hannun mai POS ya biya, shi ya sa yake da kyau kowa ya sa lambarsa ta mamba a gurbin bayani lokacin tura kuɗi. In komai ya dace, ma'aji ya shiga `Version history` ya zaɓi `Name current version`, ya sa mata suna kamar “Maris an tantance”, ya sauke kwafi a matsayin PDF ya aika wa shugaba da sakatare. Ƙungiyar da ke da rajista ana bincika littattafanta duk shekara, kuma mai binciken kuɗi rasit da takardar banki zai nema, jadawali biye musu yake.

Abin da ke layin mutum shi ne ma'aunin haƙƙinsa a ƙungiya. Da shi ake duba nawa zai iya ranta, domin ƙungiyoyi da yawa suna ba da rance ne gwargwadon abin da mutum ya tara. Da shi ake raba ribar shinkafar azumi da ta ragunan layya a ƙarshen shekara. In mamba ya rasu, shi za a buɗe a gaban magadansa, a lokacin da mai kuɗin ba ya nan balle ya ce ai a watan Maris dubu goma ya zuba. Saboda haka kowane mamba ya ɗauki hoton layinsa bayan ya shigar da zubi, ya ajiye tare da rasit, kuma in aka aiko da kwafin watan da aka tantance ya duba nasa a ranar. Kuskuren da aka kama cikin mako guda rasit biyu ke warware shi. Wanda ya kwana har Disamba kuwa, sai an zauna taro, kuma a irin wannan taro ne zato ke shiga tsakanin mutanen da babu wanda ya ci kwabon wani a cikinsu.